«Ina ka samu kuɗin?» ba zagi ba ne

A watan Oktoba, da aka koma lakwal, wani aminina mai makarantar kuɗi a Maraɗi ya same ni a Tsibiri yana huci. Ya kai kuɗin makaranta banki, ɗalibai 400 kowane jika 40, miliyan 16 na sefa ke nan, sai ma'aikaciya ta tambaye shi inda kuɗin suka fito. Ya ce: «Malam, shekara nawa ina koyarwa, yau ni za a mai da ɓarawo?» Wani ma har ya ba shi shawara ya raba su kashi huɗu, ya riƙa zuba miliyan 4 kowace rana.

Na ce masa fushinsa ba ya bisa hanya, shawarar kuma guba ce.

Ma'aikaciyar ba ita ta ƙago tambayar ba. A 2017 babban bankinmu BCEAO ya sa iyaka: tsabar kuɗi da suka kai miliyan 15, dole banki ya sanar da CENTIF, hukumar da ke bin sawun kuɗin haram a Yamai. Ko ba su kai haka ba, in sun fi ƙarfin sana'ar da aka san mutum da ita, sai an tambaya. Dalilin a bayyane yake. Takardar jika goma ba ta ɗauke da sunan mai ita. Kuɗin makaranta da kuɗin fansar manomin da aka sace a yankin Madarunfa kamarsu ɗaya a kan kanta. Da zarar sun shiga asusu ba tambaya, sun wanku, ana iya aika su ko'ina. Mu da ke kukan satar mutane da shanu, da wane baki za mu ce kada a tambaya?

Rarrabawar kuwa ita ce ke jefa mai gaskiya cikin zargi. Doka tana haɗa zubin da ke da alaƙa da juna, don haka miliyan 4 sau huɗu miliyan 16 ne. Bambancin kawai, yanzu an ga alamar ɓoyo. Banki zai iya aika rahoton zargi, kuma an hana shi gaya maka ya aika.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: littafin rasit, jerin sunayen ɗalibai da abin da kowa ya biya, da takardar izinin buɗe makaranta. Uban da ya sayar da gona ya riƙe takardar ciniki mai sa hannun shaidu.

Bankuna ma da laifinsu. A yi wa dattijo tambayar da Faransanci, a gaban layi, ba bayani, wulaƙanci ne. A ja shi gefe, a gaya masa da Hausa cewa kowa ake yi wa.

Aminina ya koma washegari da littafin rasit a hammata, ya zuba kuɗinsa gaba ɗaya. Ku da kuke hana ɗalibi maki in ya rubuta amsar lissafi bai nuna hanya ba, ku ma ku nuna taku.