Idan Gayyata Ta Ci Karo da Alkawari

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tarurrukan ƙara wa juna sani a ƙasar nan. Za a buga sunan babban malami a takardar tsarin taro, mutane su yi tattaki don su saurare shi, sai ranar taro a ga wani ya miƙe ya ce shi wakili ne, ya karanta takardar da ba shi ya rubuta ba. Da an yi masa tambaya sai ya ce zai isar da saƙo. Sau da yawa kuwa wanda aka gayyata ya san tun ranar da takarda ta iso shi cewa ba zai sami zuwa ba, nauyin baki ne ya hana shi faɗi.

A ɗauki misali. A ce wani malamin aikin gona a Zariya ya sami takardar gayyata ya gabatar da ƙasida a Jos ranar 14 ga wata, a kan adana wake bayan girbi, saura mako shida. Da ya duba littafinsa sai ya tarar ya riga ya amsa zai je Sakkwato ranakun 13 da 14 don jarraba ɗalibai masu kammala digiri. Tsakanin Sakkwato da Jos tafiyar yini guda ce a mota, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Alkawarin da ya rigaya shi ne a gaba, ko da na biyun ya fi daraja, domin in ya saɓa, ɗalibai ne za su zauna jira.

Abu na farko shi ne hanzari. Ya kamata amsa ta fita cikin kwana biyu ko uku. Masu shirya taro suna da aikin kai tsarin taro maɗaba'a, da kama masauki, da ware kuɗin mota. In sun ji da saura mako biyar, sauya suna kawai za su yi. In kuwa sai ana jibi taro suka ji, to, an riga an buga takardu, kuma duk wanda suka nema a lokacin ya san cike gurbi aka kira shi.

Na biyu, kada ya ambaci sunan kowa sai ya nemi izninsa. Sai ya sami abokiyar aikinsa wadda ta yi shekaru tana gwada adana wake cikin buhu mai ruɓi uku, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya gaya mata ranar taro, da batun, da tsawon lokacin da aka ba mai magana, da irin masu sauraro, watau manoma ne ko malamai. In ta duba nata littafin ta yarda, sa'an nan ya rubuta. Wanda ya ba da sunan mutum bai sani ba ya ɗora masa kaya ne, in ya ƙi kuma masu taro sun sha ƙi sau biyu ke nan.

Ita takardar ba ta bukatar tsawo. Bayan gaisuwa ga shugaban kwamiti, ga abin da ya isa: "Na gode da wannan karramawa. Sai dai ba zan sami halarta ba, domin na riga na ɗauki alkawarin jarraba ɗalibai a Sakkwato a wannan rana. Idan kwamiti ya ga ya dace, akwai abokiyar aikina da ta fi ni sanin sha'anin adana wake. Na yi magana da ita, ta amince a tuntuɓe ta. Zaɓi dai naku ne."

A lura da abin da babu a ciki. Babu "zan duba in gani", domin wannan kan sa kwamiti ya yi ta jira. Babu ƙaryar rashin lafiya, wadda kan tonu da zarar an gan shi a Sakkwato. Kuma bai naɗa kowa ba, shawara ya bayar. Mai yiwuwa kwamiti yana da wani a zuci, kuma haƙƙinsa ne ya ƙi wadda aka ambata ba tare da kowa ya ji haushi ba. Saboda haka ya kyautu malamin ya shaida wa abokiyar aikin tasa tun farko cewa maganar ba ta tabbata ba tukuna.

In kwamiti ya amince, sai ya aika mata da takardar gayyata da sunanta, a buga sunanta a tsarin taro, kuɗin mota da masauki su koma kanta. A nan bambancin yake. Wakili yakan karanta maganar wani, ita kuwa tata ƙasidar za ta gabatar, kuma in manomi ya tashi ya tambayi ko sai wake ya bushe sarai kafin a ɗaure buhu, tana da amsa.