Filin Yara: Fingi Ta Je Asibiti

Iyaye mata, tatsuniyar wannan mako ta ƙananan yara ce masu ɓarkewa da kuka da zarar sun hangi farar rigar malamar asibiti. A karanta musu ita a daren da za a wayi gari a kai su allura. Kada dai a ce musu babu zafi, domin yaro ba ya mance wanda ya ruɗe shi.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata 'yar kaza ce, sunanta Fingi. Ran nan aka ce gobe ranar allurar rigakafin ƙyanda. Zakara, duk da yawan cararsa, ya ruga bayan rumbu ya laɓe. Fingi ma gabanta ya faɗi, ta ce, "Inna, da zafi?"

Inna ta ce, "Akwai, 'yata, kamar cizon cinnaka. Kafin mu ƙirga uku an gama."

Da gari ya waye suka ɗauki kati suka tafi. Malama ta aza Fingi bisa sikeli, ta rubuta nauyinta. Inna ta ɗora ta a cinya, ta lulluɓe ta da fiffike, ta ce ta dubi ƙadangaren da ke bakin taga.

"Ɗaya, biyu..."

Fingi ta ce, "Tsiyak!" Hawaye guda ya ɗigo. Malama ta danna mata auduga a wurin.

"Inna, saura uku."

"Ai an gama, jarumata."

Da suka komo gida, Zakara ya leƙo daga bayan rumbu, murya na rawa, ya ce, "Fingi, gobe kya raka ni?"

Ƙurunƙus!