Ra'ayinmu: Taga ta yi fari, fuska ta yi duhu, me hoto ɗaya zai iya dawo da shi?

Duk mai ɗaukar hoton biki ko suna ya san wannan ɗakin. Kaka na zaune bakin gado da jaririya a cinya, taga na bayanta, rana ta take tsaka. Ido yana ganin komai: ƙwayar idon tsohuwar, zanen atamfarta, har bishiyar darbejiya da ke tsakar gida. Kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. In ta bi fuskar, taga ta zama farin allo. In ta bi tagar, kaka ta koma inuwa.

An saba magance wannan da ɗaukar hoto uku ko biyar, wani da haske wani da duhu, a haɗe su. Amma jaririya ba ta tsayawa cak, kaka ma ba za ta daskare ba. Shi ya sa hankali ya koma kan hoto ɗaya tak, da dabarar matse haskensa, wadda a manhajar RawTherapee za a ga an rubuta mata Tone Mapping. A nan ne masu sana'ar suka rabu biyu. Wasu na cewa ka ɗauka kawai, komfuta za ta gyara. Wasu kuma na ganin aikin ƙarya ne, hoto ne da aka yi wa kwalliyar da ba tasa ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ba duka ba.

Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Kyamara mai kyau ta zamani, a ISO 100, tana kama mataki 12 zuwa 14 tsakanin duhu da haske. Takardar da ake wanke hoto a kai ba ta wuce shida ko bakwai. Aikin dabarar ke nan: a dunƙule faɗin nan ya shiga ƙaramin mazubi ba tare da ya zube ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a danne hasken hoton gaba ɗaya da ma'auni guda, amma sai hoton ya fito a dushe kamar ranar hazo. A 2002 Durand da Dorsey suka nuna wata hanya: a raba hoto gida biyu, shimfiɗar haske daban, ƙananan zane irin su saƙar yadi da tamojin fuska daban, a matse ta farko a ƙyale ta biyu. Maɓallan Highlights da Shadows na Lightroom, tun daga fitowa ta 4 a 2012, su ma suna duba maƙwabtan kowane ɗigo kafin su taɓa shi, ba sa yi wa hoto kuɗin goro.

Mu koma ɗakin kaka. A ce ma'aunin kyamara ya nemi 1/30 don fuskar, ya nemi 1/1000 don tagar. Tazarar mataki biyar ke nan. Mai hoton da ya san aikinsa ba zai bi ko ɗaya ba. Zai sa kyamara a RAW, ya bar ISO a 100, ya ɗauka a 1/250. Tagar ta yi haske da mataki biyu amma ganyen darbejiya na nan, fuskar kuma ta gaza da mataki uku. A bayan kyamara hoton zai yi muni, har mai gida ya leƙo ya ce ai ba a ganin Hajiya. A komfuta sai a ɗaga Exposure zuwa kamar +1.5, a ja Highlights ƙasa zuwa wajen -70 har bishiyar ta dawo, a ƙara Shadows kamar +40, sannan a zagaye fuskar ita kaɗai a ƙara mata kusan mataki ɗaya. Daga ƙarshe a sauke Blacks kaɗan don ƙarƙashin gado ya ci gaba da zama duhu. Ɗaki ba ya rasa lungu mai duhu, kuma hoton da ya rasa shi ido ba ya yarda da shi.

Masu cewa komfuta za ta gyara sun yi gaskiya a wannan hoton. Inda suka yi kuskure shi ne zaton kowane hoto haka yake. Da an ɗauka a 1/30, tagar ta ƙone, wato ma'ajin hasken ya cika ya tumbatsa, ba a rubuta komai a wurin ba sai fari. Kyamara tana ajiye launi uku, ja da kore da shuɗi. In ɗaya ne ya cika, manhaja na iya kintatar sa daga sauran biyun. In duka ukun suka cika, ja Highlights har -100, abin da za ka samu toka-toka ne shafe, babu ganye babu bango. A Lightroom danna J zai shafa ja a inda fari ya kai maƙura. In an sauke Exposure ƙasa sosai wurin ya zauna sumul ba zane, to ya tafi.

Haka kuma JPEG ba RAW ba ne. JPEG yana da daraja 256 kacal a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16,384. Hoton da ya bi ta WhatsApp an ƙara matse shi, in ka ɗaga inuwarsa sai ka ga dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu. Wata al'adar da muke so a daina ita ce kwafe hoto ɗaya sau uku, a haskaka wannan a duhunta wancan, a haɗa a kira shi HDR. Babu sabon abin da ya shigo, abin da ke cikin na farko shi ne dai a cikin ukun.

Su ma masu ƙyamar dabarar suna da abin nunawa. Inuwa ba ta sami haske sosai ba, don haka duk matakin da ka ɗaga ta, tsakin da ke cikinta yana tashi tare da ita, ja-ja da kore-kore kamar an watsa yashi. Baƙar fata ce ta fi shan wannan wahalar, kuma abin yana damun mu ƙwarai: an sha miƙa wa iyali hoton da fuskar mahaifiyarsu ta koma ruwan toka, ko ta yi ja kamar an shafa mata jan-baki, don kawai a ceto labule. Akwai kuma farin zobe da ke kewaye kai ko gefen taga idan an matsa da yawa. Rage girman hoton ya koma kamar akwatin ashana a fuskar komfuta, zoben zai fito fili. Sai dai kiran dabarar ƙarya ya yi tsauri. Tun zamanin fim, masu wanke hoto a ɗakin duhu suna tare haske da hannu a wani wuri, su ƙara shi a wani. Kuma wanda ya tsaya a ɗakin ya ga kaka ya ga bishiya lokaci guda.

Matsayinmu shi ne a yi amfani da ita, da sharaɗi. A ɗauka a RAW da ISO mafi ƙanƙanta, a kare tagar tun wajen ɗauka, kada ɗagin fuska ya wuce kamar mataki uku, kuma tagar ta ci gaba da fin ɗakin haske. Idan tazarar ta kai mataki bakwai ko takwas, a juya kaka ta fuskanci tagar, ko wani ya riƙe farin zane ya maido mata da haske, ko a kunna filasha a harba ta silin. In kuwa abokin ciniki ya kawo tsohon JPEG mai ƙonanniyar taga, a gyara masa fuskar gwargwadon hali, a gaya masa tun kafin ya biya cewa tagar ba za ta dawo ba.