Abincin ɗan makaranta: ko zafi sosai, ko busasshe

Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa ya san cewa a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce, balle a yi maganar firiji a aji. A cikin wannan hali ne iyaye mata ke zuba wa yara abinci da sassafe, yaran su ci bayan awa huɗu ko fiye. A ganina, abin da ya fi cutar da yaranmu a nan shi ne abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda muke ɗauka lafiyayye.

Dalili shi ne, ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma idan suka samu danshi da ɗumi, adadinsu na iya ninkawa duk bayan minti 20. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi. Hukumomin Amurka ma sun rage shi zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya wuce digiri 32.

Bari mu ɗauki misali. Uwa ta zuba shinkafa da wake a robar abinci da ƙarfe 6:30. Roba ba ta riƙe zafi, don haka mu ce da ƙarfe 7:30 abincin ya huce. Idan aka fita tara da ƙarfe 10:30, ƙwaya ɗaya na iya zama 512. Idan kuwa yaron ya rage saura sai ƙarfe 1:30 kafin ya wuce Islamiyya, lissafin ya haura 260,000. Abin tsoron shi ne, sau da yawa abincin ba ya wari, ɗanɗanonsa ma ba ya sauyawa.

Shinkafar da ta kwana ta fi haɗari. Akwai wata ƙwaya da dafuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafa ta kwana a tukunya, sai ta tsiro ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya lalata wannan dafin. Alamarsa amai ne cikin awa ɗaya zuwa shida bayan ci. Saboda haka shinkafar jiya ba ta zama guzurin makaranta.

To, mene ne mafita? Hanya ta farko ita ce a riƙe zafin. A samu kula mai bango biyu da murfi mai kamawa. A cika ta da tafasasshen ruwa, a rufe minti biyar zuwa goma, a zubar, sannan a zuba abincin da aka dafa a safiyar nan yana tururi, a cika ta har baki, domin kular da aka zuba wa rabi ta fi saurin hucewa. A gargaɗi yaro kada ya buɗe sai lokacin ci, kuma kada ya ajiye saura. A gwada kular ranar Asabar: a zuba abinci, a buɗe bayan awa biyar. Idan sai an hura kafin a ci, ta yi. Idan ɗumi kawai ya rage, a daina dogaro da ita.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi ga talaka, wato abincin da ba shi da danshi: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, busasshiyar aya, burodi, cincin, kilishi, ko lemo da ayaba da ɓawonsu. Amma kwaɗon zogale, alala, awara, taliya da yankakkiyar kankana, waɗannan a bar su sai an dawo gida. Ko ta wace hanya aka bi, a wanke hannu da mazubin da sabulu, a bar shi ya bushe, a kuma sa cokali, domin hannu mai ƙurji ko yanka na kai wa abinci cuta.

Ina kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ware inuwa don ajiye jakunkuna, su tanadi ruwa da sabulu, su kuma matso da lokacin tara a bazara. A yankin da matsalar tsaro ta sa hanyar asibiti ta zama abin fargaba, amai da gudawa ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. Idan ya kamu, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. Idan ya kasa riƙe ruwan, idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gida, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Allah Ya raya mana zuri'a.