Ƙasa ko Kasa?

Mai zumar da ya raɗa wa hajarsa suna "Albarkar Ƙasa" ya kyauta, sai dai allon AZERTY ba shi da Ƙ. Idan zubin haruffan maɗaba'a ma ya rasa shi, ɗan akwati ke fitowa a gurbinsa, ko ma'aikaci ya buga K, ƙasa ta koma kasa, macijiya. A adireshin intanet kuwa, sunan yakan rikiɗe ya fara da xn--, ba mai iya haddace shi.

Yar da ƙugiya ba mafita ba ce. A fara karanta sunan babu ƙugiya. Idan ya zama abin dariya, a sake wani. Adireshi ya haƙura da K, amma tambari ya riƙe Ƙ, a kai wa maɗaba'a PDF mai ɗauke da zubin haruffansa.