Haɗarin acaɓa: wa zai biya gyara, mai babur ko yaronsa?

Idan ɗan acaɓa ya yi karo da babur ɗin da ba nasa ba, maganar da zai yi da mai babur ta fi ciwon jikinsa damunsa. A Batsari da Safana da yawa daga masu haya ba su mallaki abin da suke tuƙawa ba. Wani ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ya sayi Boxer ya ba su, su kawo balas kullum ko duk mako. Ranar da ake miƙa makulli ana yanka kuɗin balas har kobo, amma da wuya ka ji an ce uffan a kan abin da za a yi in an yi haɗari. Sai tsautsayi ya faɗa sannan kowa ya ƙirƙiro dokarsa, kuma dokar mai babur ita ke tsayawa, tunda shi ke da dukiya. A ganina wannan shirun shi ke koya wa yara ƙarya.

Mu ɗauki misali da irin abin da kowa ya saba gani. Ranar Alhamis ce, kasuwar Batsari ta fara watsewa bayan la'asar. Yaro ya ɗauko mutum ɗaya da rabin buhun masara zai kai shi wajen Ruma. Wani mai babur ya fito daga hanyar gona ya hau titi ba tare da ya duba ba, sai ji ka yi garam. Fasinja ya dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Yaron ya ƙuje gwiwa da kafaɗa, kansa ya bugu. Gaban babur ya lotse.

Ga abin da yawanci mai babur ke ji a waya, in ma an kira shi a ranar: "Alhaji, mun ɗan zame ne, amma ba komai, na kai wa bakanike ya ɗan duba." Ga kuma abin da ya kamata ya ji: "Alhaji, mun yi karo da wani mai babur a hanyar Ruma wajen ƙarfe biyar. Mutum ɗaya na ɗauko da rabin buhu. Hannunsa ya karye, muna babban asibitin Batsari da shi. Ni ma kaina ya bugu. Wanda muka yi karon da shi an san shi, mutanen da suka ɗaga mu su biyu na karɓi lambarsu. Babur yana nan yadda ya faɗi, ban bari an taɓa shi ba, ka zo ka gani." Magana ta biyu ba ta ɗauki minti ɗaya ba, amma ta ƙunshi wuri, lokaci, yawan kaya, wanda ya ji ciwo, shaidu da inda babur yake. Duk wata shari'a da za a yi daga baya, a gaban shugaban ƙungiyar 'yan acaɓa ko mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, a kan waɗannan za ta tsaya.

A fara da mutum kafin ƙarfe, kuma mai babur ɗin da tambayarsa ta farko ita ce "ina mashin ɗina?" ya riga ya nuna wa yaron irin amsar da zai riƙa ba shi. Ciwon da ake gani a fata ba shi ne abin tsoro ba. Wanda kansa ya bugu yana iya miƙewa ya kakkaɓe riga ya yi ta magana, bayan wasu sa'o'i ya fara amai, ko barci mai nauyi ya riƙa fizgarsa, ko jini ko wani ruwa ya fito ta kunne ko hanci. Wannan ba na kemis ba ne, na asibiti ne a daren, in ta kama har Katsina. Haka wanda ƙahon babur ya doka a ciki: yana iya zubar da jini ta ciki ba a sani ba, sai jiri da gumi mai sanyi. Batun karaya kuwa, mutanenmu wurin maɗori suke fara nufa, kuma ba na musun akwai gwanaye a cikinsu. Amma a fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna. Karayar da ƙashi ya huda fata ba aikin maɗori ba ce sam, kuma in an ɗaure hannu aka ga yatsu sun yi sanyi, sun kumbura, sun daina jin taɓi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti, don ta haka ake rasa hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Me ya sa na ce kada a taɓa babur kafin mai shi ya gani, ko aƙalla a ɗauki hotonsa ta kowane gefe? Saboda jikinsa ne shaidar da ba a saya. Babur ɗin da ya zame a yashi ko tsakuwa gefe ɗaya yake ƙujewa: bakin ƙaho, madubi, hannun birki ko kuloci, matakin ƙafa, wani lokaci salansa. Wanda ya daki wani abu da gaba kuwa, shokoziba ne ke lanƙwashewa su koma baya, taya ta matso kusa da inji, rim ya lauye, fitila ta tarwatse. Yaron da ya ce "zamewa na yi" alhali shokoziba sun koma baya, babur ya riga ya ƙaryata shi. Mai gaskiya kuma wannan shaidar ce za ta wanke shi.

Gaggawar kai wa bakanike a ɓoye tana da wata illar. Don a rage kuɗi sai a ce a buga shokoziba su miƙe, a ɗaure rim, a goge. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar da shi da guduma ko wuta ba ya komawa ƙarfinsa na da. Mai babur na iya ganewa da kansa. Ya ɗaga gaban ya juya taya, in tana layi rim bai daidaita ba. Ya shafa shokoziba, in mai na tsattsafowa sun taɓu. Ya hau a hanya mai kyau ya sassauta riƙo, in babur na janyewa gefe ɗaya akwai sauran aiki. Sannan ya duba wuyan firam, inda ƙaho ke juyawa: in fenti ya tsattsage a wurin, bugun ya kai ga ƙashin bayan babur ɗin, kuma darajarsa a kasuwa ta faɗi ko da an gyara.

To, sai lissafi. Farashin kayan gyara yana canzawa kusan duk wata, don haka waɗannan lambobin na misali ne kawai. A ce shokoziba biyu naira 28,000, rim da wayoyinsa 17,000, fitila da sigina 9,000, ƙaho da hannun birki 5,000, madigadi 4,000, kuɗin aiki 7,000. Gyara ya tashi 70,000. Babur ya yi kwana shida a ajiye, balas na 2,500 a rana ya zama 15,000. Hoton ƙashi, ɗori da maganin fasinja a ce 45,000. Jimla 130,000. In abin da ke rage wa yaron bayan mai da balas 3,000 ne a rana, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba kullum ake samun hakan ba, sai ya yi aikin fiye da kwana 40 bai kai ko ƙwayar gero gida ba kafin ya biya. Wanda ya san wannan ne ke jiransa ko da gaskiya ko babu, me zai hana shi ɓoyewa?

Abin mamaki, addinin da muke bi bai bar wannan a duhu ba. A fiƙihun Malikiyya wanda ya yi hayar abu amintacce ne. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa in abin haya ya lalace a hannunsa ba ya ramuwa, kuma maganarsa ake ɗauka sai in ƙaryarsa ta bayyana. Malamai sun ce ramuwa na hawa kansa ne in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yarje masa. Littafin ya kuma ɗora wa mahayin dabba alhakin abin da ta taka, wato ɓarnar da aka yi wa wani tana kan wanda ya jawo ta. A misalinmu yaron yana kan hannunsa, mutum ɗaya ya ɗauko. Gyara da jinyar fasinja suna kan wanda ya faɗo titi. In ya gudu ko ba shi da ko sisi, asarar babur ta mai babur ce, kamar yadda ribarsa take tasa. Balas ɗin kwanakin da babur ke gareji kuwa, ban ga ta inda ya halatta ba, tunda amfanin da ake biya dominsa bai samu ba.

Amma a juya labarin. A ce yaron mutum uku ya ɗora da buhu guda, ko ya ba ƙaninsa ɗani ba da sanin mai babur ba, ko ya sha wani abu. Nan ramuwa ta hau kansa, babu wani "tsautsayi ne, Alhaji". Kada a manta a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana ɗaukar fiye da mutum biyu a babur cikin matakan tsaro, kuma ko ba doka, birkin Boxer ba a yi shi don tsayar da wannan nauyin ba.

Inda abin ke da wuya shi ne gudu. Duk wanda ya san hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu, daga Wagini zuwa Runka, ya san dalilin da ke sa mutum ya murɗa wuta in rana ta yi ƙasa. Yaron da ke sauri don ya fita daga wurin da ake tare mutane kafin magariba ba ɗaya yake da mai tseren banza a cikin gari ba. Mai babur da ke zaune a Katsina ko Dutsin-ma yana jiran balas ya sa wannan a ma'auni. A irin wannan ni raba asara nake gani adalci, kuma shugabannin ƙungiya da suka san hanyar su suka fi cancanta su yanka rabon.

Akwai kuma inshora, wadda kusan kowa ya ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta sa kuɗinta na babur naira 3,000 a shekara, kuma tana iya biyan ɓarnar dukiyar ɗaya ɓangaren har naira miliyan ɗaya. Ba ta gyara naka babur ɗin, ta wanda ka yi wa ɓarna ce, kuma sai ta gaske, ba wadda aka buga a bakin tasha ba. Sabunta ta aikin mai babur ne.

Masu babura na Batsari da Safana, kafin ku miƙa makulli, ku zauna da yaro gaban shaidu biyu a rubuta: mutum nawa zai ɗauka, ƙarfe nawa zai ajiye, wa ke canza birki da taya, wa ke biya in laifinsa ne, wa ke biya in ba laifinsa ba. Ku kuma faɗa masa da bakinku cewa in ya kira a ranar ya faɗi gaskiya, ba za ku karɓi balas ba har babur ya dawo hanya.