Wasiƙa ga mai taswirar waya: shagon Yaya ba a can yake ba

Na rubuta wannan wasiƙa ne, tunda ƙorafin da muka tura ta cikin manhaja sau biyu ya dawo da amsa ɗaya, wai ba a amince da gyaran ba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Yayata tana da ɗan shagon ɗinki a wani lungu da ke gefen titin Zariya a Kano, keke uku da yara biyu masu koyo. A taswirarku jar alamar shagon ta faɗa tsallaken titi, gaban wani mai faci. Titin kuwa mai hannu biyu ne, da shinge a tsakiya. Duk wadda aka tura wa lokeshan sai mai adaidaita ya sauke ta a can, ta yi ta kiran waya, a ƙarshe a sake biyan kuɗin zagayowa. Mai facin, Allah ya saka masa, har ya gaji da nuni da hannu.

Laifin farko namu ne, ban ɓoye ba. Ɗan Yaya ne ya yi wa shagon rajista da dare, yana zaune a ɗakin abokinsa, wayar ta ɗauki inda yake a matsayin inda shagon yake. Ƙarƙashin rufin kwano kuma siginar tauraron ɗan Adam ba ta shiga sosai, sai waya ta koma kintace da turakun sadarwa.

Na je na auna da kaina. Na tsaya a ƙofar shagon, a fili, na jira har shuɗin da'irar da ke kewaye da ɗigona ta tsuke, sannan na kwafi lambobin wurin. Da na gwada su da na alamarku, bambancin kudu da arewa ya kai 0.003 na digiri. Kowane 0.001 kusan mita 111 ne, wato shagon ya gusa fiye da mita 330, ban da tsallaken titin.

Na san dalilin taka-tsantsan ɗinku. In kowa zai ja alamar kowa, gobe abokin hamayya zai kai shagon maƙwabcinsa bola. Sai dai hujjar da tsarinku ya fi yarda da ita, sunan titi da lambar gida, lungunmu ba shi da su. Adireshinmu shi ne bayan masallaci, kusa da mai injin markaɗe.

Abin da muke da shi na haɗo: hoton allon shagon da ƙofarsa, lambobin da na kwafa, da hoton sama inda na zagaye rufin. Roƙona mutum ya duba su da idonsa, ya matsar da alamar nan da take. Kada a ce mu buɗe sabuwa, don shago ɗaya zai zama biyu a taswira, kuma yabon da kwastomomi suka rubuta yana jikin tsohuwar.

Ɗinkin sallah ya kusa, Yaya kuma ta ce in gaya muku kuɗin katin da take ƙonawa wajen kwatance ya isa sayen zare.